Neman kalmar Hausa: PV, NPV, IRR da kason da ake zaftare kuɗin gaba da shi

Hauwa'u: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta bayanin yadda ake kwatanta ayyukan zuba jari da Hausa ne, kuma na maƙale a wuri ɗaya. Abubuwa huɗu nake son mu samo musu suna, PV da NPV da IRR, gajerun sunayen Turanci ukun nan na lissafin auna darajar jari da ake gani a Excel, sai kuma kason nan da ake rage darajar kuɗin da zai zo gaba da shi, wanda masu lissafi ke cewa diskawun. PV dai na sa masa "ƙimar yau" kuma ina ganin ya zauna, sauran ukun ne suka ƙi. Malam Sani don Allah ka leƙo.

Bashir: Wa alaikumussalam. Ai diskawun ba ya buƙatar dogon nema Anti, rangwame ne, kowa ya san shi. "Kason rangwame" kawai, shi ke nan.

Malam Sani: Bashir a ciniki haka ne, amma a nan rangwame zai ɓatar da mai karatu, domin da ya ji zai ɗauka wani ne ya yi maka sauƙin farashi, alhali babu mai saye babu mai sayarwa a maganar. Abin da ke faruwa shi ne, kuɗin da za a ba ka baɗi bai kai na hannunka yau ba, saboda na yau kana iya juya shi ya haifi wani abu kafin baɗin. In kana da inda za ka sa kuɗi ya ba ka kashi 10 cikin 100 a shekara, to 110 na baɗi daidai yake da 100 na yau, sai ka raba 110 da 1.1 ka dawo da shi yau. In shekara biyu ce ka raba sau biyu, uku sau uku. Ni abin da nake cewa ɗalibai shi ne "kason zaftarewa", don zaftare kuɗin gaban ake yi, kuma iya nisansa iya yawan abin da za a zaftare. "Ƙimar yau" kam na yarda da shi Hauwa'u, har ya fi "darajar yanzu" da na saba ji, don ƙima ta fi kama da abin da aka ƙiyasta da lissafi.

Usman Akanta: Me zai hana a ce kuɗin ruwa kawai Malam? ai a aikace shi ake sawa, ka duba nawa banki ke karɓa ka ɗora

Malam Sani: Wani lokaci shi ake sawa Usman, in da bashi za a yi aikin gaba ɗaya. Amma wanda zai yi da kuɗinsa fa, bai ci bashin kowa ba? Shi ma yana da kaso, wato ribar da ya bari a wani wurin mai irin wannan haɗarin don ya zo ya yi wannan aikin. Kuma aikin da ya fi haɗari ana ɗaga masa kason ko da kuɗin ruwan banki bai motsa ba. In muka ce kuɗin ruwa mun ɗaure kalmar da bashi ke nan, wanda ba ya mu'amala da ruwa ma sai ya ce lissafin bai shafe shi ba, alhali ya shafe shi sosai.

Hauwa'u: To na riƙe kason zaftarewa tukuna. NPV fa? na yi tunanin "ribar yau" amma zuciyata ba ta kwanta ba

Malam Sani: Gara da ba ta kwanta ba. Bari in kawo misali ɗaya mu yi ta gwada kalmomin a kansa. Ayyuka biyu, kowanne zai ci miliyan 100 yau. Na farko zai dawo da miliyan 120 bayan shekara ɗaya ya ƙare. Na biyu ba zai ba da komai ba shekara ta ɗaya da ta biyu, sai ƙarshen ta uku ya ba da miliyan 160. In aka ce riba, kowa zai ce 20 da 60, kuma gaskiya ne ita ce ribar. Amma a kason zaftarewa na kashi 10, ƙimar yau ta 120 ɗin nan 109.1 ce, ta 160 kuma 120.2 tunda sau uku za a raba ta da 1.1. Cire ɗarin da ka zuba, na farko ya bar 9.1, na biyu 20.2. Waɗannan su ne NPV, kin ga ba riba ba ce, rara ce a kan abin da da ma za ki samu in kin kai kuɗin can inda ake ba da kashi 10. Aiki yana iya samun riba a takarda NPV ɗinsa ya fito ƙasa da sifili, ma'anarsa ribar ba ta kai wahalar jira ba. Shi ya sa na fi son "rarar ƙimar yau".

Bashir: Ya ɗan yi tsawo Malam amma dai ana ganewa. "Rarar yau" ba zai isa ba?

Hauwa'u: A rubutu zan fara da cikakken, in an saba sai a gajarta, ina ganin ba matsala.

Usman Akanta: IRR kuma ni na taɓa ganin an fassara shi "adadin ribar cikin gida". Kuma maganar gaskiya a wurin aiki shi muke dubawa, duk wanda IRR ɗinsa ya fi girma shi ne zaɓi, ba sai an tsaya gardamar wane kaso za a sa ba, don gardamar nan ba ta ƙarewa kowa da lambar da yake so

Malam Sani: "Cikin gida" dai a cire, mai karatu zai ɗauka ana maganar jarin cikin ƙasa ne da na waje. Abin da ake nufi shi ne lambar daga kuɗin shiga da fitan aikin kansa take fitowa, ba wanda ya kawo ta daga waje, saɓanin kason zaftarewa da kai mai jari ne ka zo da shi. Ita ce kason da in ka zaftare da shi rarar ƙimar yau za ta zama sifili cif. A misalinmu, aiki na farko kashi 20 ne, na biyu kusan kashi 17.

Maganarka ta biyu kuma Usman rabinta daidai ne. In aiki ɗaya ne gabanka, ka zuba kuɗi da farko sannan ya riƙa dawowa, kana tambaya a yi ko kar a yi, to IRR da NPV bakinsu ɗaya, in IRR ya haura kasonka rarar ma za ta haura sifili. Amma in biyu ne kuma ɗaya kawai za a iya yi, a nan ake samun matsala. IRR ya ce na farko, 20 ya fi 17. To duba rarar a kaso daban daban. A kashi 5 na farko 14.3 na biyu 38.2, tazara mai yawa. A kashi 10 mun gani, 9.1 da 20.2. A kashi 15 sun kusa haɗuwa, 4.3 da 5.2. A kashi 18 na farko yana da 1.7, na biyu ya faɗi ƙasa da sifili da 2.6. Wato wajen kashi 15.5 suke haɗuwa su yi musayar matsayi, ƙasa da nan na biyu ne ke gaba, sama da nan na farko. Dalilin kuwa kuɗin na biyu yana nesa, shi zaftarewa ta fi ci in kaso ya hau. Wanda kasonsa 10 ne ya bi IRR ya ɗauki na farko ya bar rarar miliyan 11 a ƙasa. Gardamar kason nan da kake gudu ba ta gudu, in ka zaɓi na farko ka riga ka amsa ta ne ba ka sani ba, tamkar ka ce miliyan 120 ɗin da zai dawo baɗi za ka iya juya shi a sama da kashi 15.5 har shekara biyun da suka rage.

Usman Akanta: Wannan na juya kuɗin ya shige ni gaskiya. Amma ban sauka gaba ɗaya ba Malam, in mutum bai tabbata kasonsa 12 ne ko 17 ba, ai na farko ya fi kwanciyar hankali tunda har 20 bai faɗi ba

Malam Sani: Wannan hujja ce mai kyau, kuma shi ya sa ake lissafa rarar a kaso uku ko huɗu a ajiye gefe da gefe maimakon ɗaya. Sai dai ka san abin da kake saye da kwanciyar hankalin, in gaskiyar 12 ce ka bar kusan miliyan 7.

Zainab: Ku yi haƙuri na shigo da nawa. Na zuba misalin nan a Excel yanzu, aiki na biyu ya ba ni IRR 60% ba 17 ba, kuma NPV na farko a kashi 10 ya fito 8.3 ba 9.1 ba, ina na kauce?

Malam Sani: Wuri biyu ne ƙanwata, kuma kusan kowa yana faɗawa. Shekarun nan biyu da babu kuɗi kin bar gidajensu babu komai, shi kuma Excel tsallake gidan da ba komai yake yi, sai ya ɗauka 160 ɗin baɗi zai zo. Ki rubuta 0 a kowanne. Na biyu, NPV na Excel yana ɗaukar lambar farko a matsayin ta ƙarshen shekara ta ɗaya, in kin sa -100 a ciki shi ma zai zaftare shi, alhali yau aka kashe shi. Ki fitar da shi waje, in -100 yana B1 sauran suna B2 zuwa B4:

```
=B1+NPV(10%,B2:B4)
=IRR(B1:B4)
```

Alamar da za ki gane kuskuren ita ce amsar za ta fito daidai da ta gaskiya an raba ta da 1.1, gwada 9.1 ki gani.

Zainab: Ya fito wallahi, na gode Malam

Hauwa'u: To mu dawo kan suna. Tunda IRR shi ne inda rara ke zama sifili, me kuke gani da "kason canjaras"? ba a ci ba ba a faɗi ba

Bashir: Ni wannan ya yi min, yana da saurin kamawa.

Usman Akanta: Ni kuma ina tsoronsa Anti Hauwa'u. In na ce wa mai jari kason canjaras na aikinka 20 ne zai ji kamar ba riba, alhali abin da yake son ji shi ne aikin yana haifar da kashi 20 a shekara. Na fi son "kason ribar aiki".

Malam Sani: Kowanne ya kama gefe ɗaya na gaskiyar. Na Usman ya fi sauƙin faɗa wa wanda ba ya lissafi, amma yana da haɗarin da nake gani kullum, yana sa mutum ya ɗauka lamba ce guda tabbatacciya da kowane aiki ke da ita. Ku ɗauki aikin da za a zuba 100, baɗi ya ba da 230, shekara ta biyu kuma a kashe 132 wajen rufe shi da gyara wurin, kamar yadda ake yi a haƙar ma'adinai. Ku gwada kashi 10 rarar sifili ce, ku gwada kashi 20 ma sifili ce. Wacce ce ribar aikin a ciki? Excel ɗaya zai nuna muku ya yi shiru a kan ɗayar. Da "canjaras" ba wahala a ce wurin canjaras biyu ne, da "ribar aiki" kuwa maganar ba ta faɗuwa. Ni dai na karkata ga na Hauwa'u a rubutun koyarwa.

Hauwa'u: Zan sa ƙimar yau, rarar ƙimar yau, da kason zaftarewa, waɗannan ban ji mai ja ba. IRR zan rubuta kason canjaras in ambaci na Usman a gefe mu ga wanda masu karatu za su ɗauka. Saura wurin haɗuwar nan na 15.5, shi ma yana son suna, "mararraba" nake tunani amma ban sani ba ko "kason musaya" ya fi nuna cewa matsayi suke canzawa, Malam me ka saba cewa a aji?