Neman shawara: farin ƙurji mai baƙin ɗigo a yatsan yarona

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da komawarmu wani ƙauye kusa da Badagry. Ɗana mai shekara bakwai yana da fararen ƙuraje biyu a gefen farcen ƙafa, kowanne da baƙin ɗigo a tsakiya. Da farko ƙaiƙayi kawai yake yi, na ɗauka cizon sauro ne, amma tun jiya ɗaya ya kumbura ya yi ja, har yaron yana ɗingishi. Maƙwabta sun ce jiga ce, in cire da allura. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Maƙwabtanki sun yi gaskiya, jiga ce, kuma yashin bakin teku na wannan yanki gidanta ne. A zamaninmu allura ake gasawa a wuta, a buɗe fatar a hankali, a fito da ita ɗungurungum ba tare da ta fashe ba, sannan a ɗiga kananzir a ramin.

Wata 'yar'uwa: Ni dai tsoron kurkunu ya kama ni, domin kakata ta yi fama da shi, kuma shi ma da ƙurji a ƙafa ya fara mata.

Wata ma'aikaciyar jinya: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kurkunu bororo yake yi mai raɗaɗi kamar ƙuna, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Baba ya gane abin daidai, amma da girmamawa ban yarda da allura da kananzir ba. Jiga ƙuma ce ƙarama wadda ba ta wuce milimita ɗaya ba. Macen ce take kutsawa cikin fata, ta yi ta kumbura da ƙwai har ta kusa kai girman ƙwayar wake, kuma baƙin ɗigon da maman yaro take gani bayanta ne, ta nan take numfashi, ta nan kuma take zubar da ƙwai. Wato akwai ƙofa a buɗe a fatar yaron har tsawon mako huɗu zuwa shida kafin ƙumar ta mutu, kuma ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta suke shiga. Idan aka tona da allura a gida ta fashe, ragowarta yana ruɓewa a ciki, kananzir kuwa ƙona naman yake yi.

Maman yaro, wanda ya kumbura shi ne ya fi damuna. Cizon sauro ko na kuɗin cizo ƙaiƙayinsa ya fi zafinsa yawa, kuma bayan kwana biyu yakan fara lafawa. Ciwon da ya harbu kuwa kullum gaba yake yi: zafi yana ƙaruwa, wurin ya fi sauran fata ɗumi, mugunya tana fita, wani lokaci da wari. Ki ɗauki biro yanzu ki zagaye iyakar jan, domin a san ko yana yaɗuwa. Ki wanke ƙafar da ruwa da sabulu, ki rufe da bandeji mai tsabta, kada ki matse, gobe da safe ki kai shi asibiti a cire da kayan aikin da aka tsabtace, a duba ko yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Amma idan kika ga jan ya tsallake layin biron cikin 'yan awoyi, ko wani jan layi yana haurawa ta bayan ƙafa, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko zazzaɓi ya rufe shi, to kada ki jira gari ya waye. Ki tafi da katin rigakafinsa, saboda ramin jiga hanya ce ta ciwon sarƙewar haƙora.

Wani ɗan'uwa: Malama, ni man kwakwa na riƙa shafa wa yarana safe da yamma, muka kuma zuba siminti a ɗaki, muka kori karnuka daga tsakar gida, tun daga nan ba mu sake gani ba. Man kwakwar ba zai kashe wadda ke ciki ba?

Ma'aikaciyar jinya: Simintin da korar karnukan sun yi aiki, Malam, domin tsutsarta a busasshiyar ƙasar ɗaki take girma, kuma karnuka da aladu da ɓeraye suna ɗauke da ita. Mai da aka haɗa da kwakwa yana taimakawa wajen hana sabuwa shiga. Abin da aka gwada ya kashe ta a ciki shi ne man dimetikon, sai dai ba kowane kantin magani ke da shi ba, kuma ba shi ne maganin yatsan da ya riga ya kumbura ba.

Dattijo: Na ji, 'yata, amma wanda asibiti ya yi masa nisa fa? Mu dai da yawanmu allurar ce ta raba mu da ita.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Na zagaye da biro, kuma na taɓa jikinsa babu zazzaɓi. Na duba ƙafar ƙanwarsa, ita ma na ga ɗaya a diddige, don haka su biyun zan kai da safe in sha Allahu.