Shawarwarin da aka tattara kan shafin intanet na ƙaramin kamfanin fatauci a Jidda

Tambayar ita ce: kamfanin da ke tura dabino da turare a sari, kaya kusan 40, a cikin dandalan gina shafi Wix ko Salla zai hau, ko WordPress, ko ya sa a rubuta masa nasa?

Mafi yawan masana sun tsaya kan cewa mai sari ba kwandon saye yake buƙata ba, tunda ciniki a waya ake ƙullawa. Shafi 5 da hotunan kaya da maɓallin WhatsApp sun isa, kuma WordPress zai ɗauka. Salla da Zid, dandalan buɗe shagon intanet na Saudiyya, na mai sayar da ɗai-ɗai ne, wanda yake son karɓar kuɗi da Mada, katin banki na Saudiyya, ba tare da wahala ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne Larabci. Ana rubuta shi daga dama, don haka kafin a sayi samfurin shafi a duba ko an rubuta RTL, wato dama zuwa hagu, a bayaninsa, a kuma gwada a waya. Idan bai dace ba, za ka ga lambar tarho ta juye, jerin maɓallai ya karkace. Wix kuwa ba ya bari ka kwashe shafinka ka koma wani gida, sai dai sabon gini.

Rubuta na kanka? Sai in za a haɗa shi da lissafin sito. Ko a hakan, sunan shafin a yi masa rajista da sunan kamfanin, don in da sunan mai ginin aka yi, ranar da ya bar ƙasar da makullin zai tafi.