"Kunne ya girmi kaka": har a kan rubutu?

Ummin Yara: Jiya muka yi cacar baki da yayata kan saƙon da na tura wa ƙaninmu. Ta ce da na karanta shi a fili da na ji kaushinsa, wai kunne ya girmi kaka. Nan ne gurbin wannan karin maganar?

Tsohon Malami: Ba nan aka saba sa ta ba, Hajiya, ta labarin da ce. Amma shawarar Yaya na kan hanya. Sai dai kada ki karanta da muryar da ke ranki. Karanta shi lami, domin labarin zuciya a tambayi fuska, takarda kuwa ba ta da fuska. Duk jimlar da sai kin sassauta murya ko kin yi murmushi kafin ta fita, ita ce mai kaushin. Me kika rubuta?

Ummin Yara: "Kai kullum haka kake. Turo takardun yau."

Tsohon Malami: To kin ji. "Kai" da "kullum" sun bar takardun sun koma kan mutumin. Gwada faɗin: "Ƙanina, takardun ba su iso ba, ina buƙatarsu kafin la'asar."

Ɗan Auta: Ni dai "don Allah" nake zubawa ko'ina, shi ke nan.

Jikar Inna: A'a, Auta, nan ma akwai rami. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta iya rubutu ba. Ni take shiftawa wasiƙa, amma ba ta yarda in karanta mata, wai na riga na san nufinta, zan gyara da baki. Sai ta kira ƙanwata da ba ta ji komai ba. Wata rana wasiƙar neman bashi ce, na cika ta da "in ba damuwa" da "wataƙila". Da aka gama karatu Inna ta tambayi yarinyar, "Me na ce ya yi? Yaushe?" Yarinya ta yi shiru. Inna ta ce yaga, wannan gaisuwa ce. Na sake, na rubuta "ana sanar da kai", ta ce, "Wa ke sanarwa? Ni na mutu ne?" Sai da na sa sunansa, na sa "ina", sannan ta yarda.

Mai Shiru: A kai wa masu neman ƙuri'a ƙanwar nan. Awa guda suna jawabi, ka rasa me suka ce za su yi.

Ɗan Auta: Su ai kunnensu ya toshe tun ranar rantsuwa.

Tsohon Malami: Ni a ganina "magana zarar bunu ce" ya kamata Yaya ta kawo.

Jikar Inna: Baba, waccan ta bayan an tura ce. Mu kafin turawa muke.

Ummin Yara: To yanzu in kira shi ne, ko in sake rubutawa? Tun jiya bai amsa ba.