Shafi yana aiki a Incognito amma ya ƙi a tagar da na saba: kukis ne ko ekstenshan?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ke nan ina fama da shafin da nake tura rahoton aiki a kwamfuta. Ina shiga lafiya, in cike fom ɗin tsaf, amma da na danna Submit sai ya yi ta juyawa, ba ya tafiya. Ƙanena ya ce in gwada tagar Incognito, wato tagar sirri, a Chrome, na gwada, rahoto ɗaya ya tafi nan take. To me ke nan? Kukis ne suka lalace, ko cikin ekstenshan ɗina ne? Guda takwas gare ni. Ba na son goge komai, don akwai wuraren da na manta kalmar sirrinsu.

Sani: Wa alaikumus salam. Anti Rukayya, kukis ne, ba shakka. Tagar sirri tana buɗewa ne babu kuki ko ɗaya, shi ya sa shafin ya yi aiki. Ki danna Ctrl+Shift+Delete, ki zaɓi All time, ki share duka. Ni da na taɓa samun irin wannan, abin da na yi ke nan, kuma ya warke.

Malam Habibu: Rukayya, ki dakata, kada ki goge tukuna. Sani ya faɗi gaskiya cewa tagar sirri tana farawa babu kukis, amma ba shi kaɗai ne ya canza ba. Lokacin da kika buɗe Incognito abu uku suka canza a tare. Kukis ɗinki, wato 'yan bayanan da shafi ke gane ki da su in kin dawo, da sauran bayanan da shafin ya ajiye a kwamfutarki ba su biyo ki ba. Tsofaffin fayilolin shafin da burauza ke ajiyewa don ya riƙa saurin buɗewa, wato kesh, su ma ba su biyo ki ba. Sannan Chrome ba ya kunna ekstenshan, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa burauza, a Incognito sai wanda kika ba shi izini da hannunki. Idan mutum ya canza abu uku a lokaci ɗaya matsala ta tafi, bai san wanne ne mai laifi ba tukuna.

Abin da gwajin ya tabbatar miki, kuma ba ƙaramin abu ba ne, shi ne shafin kansa lafiyarsa ƙalau, asusunki ba a rufe yake ba, intanet ɗinki ma ba shi da laifi, tunda a kwamfuta ɗaya da layi ɗaya rahoton ya tafi. Matsalar tana cikin burauzarki. Saura a raba ukun nan.

Ki fara da abin da ba ya jawo asara. Ki kwafe abin da kika rubuta a fom ɗin ki ajiye a wani wuri, don sabunta shafi zai iya share shi. A tagar da kika saba, ki danna Ctrl+Shift+R. Wannan yana sa burauza ta sake ɗauko fayilolin shafin daga tushe maimakon tsofaffin da ta ajiye. Ki gwada turawa. In bai tafi ba, ki rubuta wannan a wurin adireshi:

```
chrome://extensions
```

Kowane ekstenshan yana da ɗan makunni a ƙasansa. Ki kashe duka takwas ɗin. Kashewa daban, cirewa daban, kada ki taɓa Remove, saitinsu yana nan yadda kika bar shi. Ki koma shafin rahoton ki sabunta shi, domin wasu ekstenshan sun riga sun cusa abinsu cikin shafin da ke buɗe, sai an sake loda shi suke fita. Yanzu kina da kukis ɗinki na da, amma babu ekstenshan. In rahoto ya tafi, kukis sun kuɓuta. In bai tafi ba, sai mu juya kan kukis, kuma ko a lokacin na shafin nan kaɗai za ki goge.

Hajiya Talatu: Ni dai tsorona kada a ce an yi mata kutse ne. Na ji ana cewa Incognito yana ɓoye mutum daga masu satar bayanai, watakila shi ya sa ya yi aiki a can. Rukayya, me zai hana ki riƙa amfani da shi kullum ki huta?

Malam Habibu: Hajiya, Incognito ba ya ɓoye kowa a intanet. Shafin da aka shiga yana ganin adireshin layin mutum kamar kullum, mai kula da intanet na wurin aiki ma yana iya ganin inda aka shiga. Aikinsa kawai kada kwamfutar ta riƙe tarihi da kukis bayan an rufe tagar. Zama a cikinsa kullum zai yiwu, sai dai kowace safiya za ta sake shiga da kalmar sirri, kuma abin da ke hana fom ɗin tafiya yana nan, wata rana zai tare ta a wani shafin.

Rukayya: Malam, na yi yadda ka ce. Ctrl+Shift+R bai canza komai ba. Da na kashe duka takwas na sabunta, rahoto na biyu ya tafi. Saura rahoto huɗu a hannuna, kuma ba zan iya tura ɗaya sau biyu ba. In zan bi su ɗaya bayan ɗaya ai rahotannin za su ƙare kafin in gano shi.

Malam Habibu: Madalla. Kin ga da kin goge kukis da kin yi asarar banza. Ba sai kin bi su ɗaya-ɗaya ba, ki raba su biyu. Ki kunna huɗu, ki bar huɗu a kashe, ki sabunta, ki tura. In ya maƙale, mai laifin yana cikin waɗanda kika kunna. In ya tafi, yana cikin na kashe. Sai ki ɗauki huɗun da ake zargi ki kunna biyu kawai, daga nan ɗaya. Takwas ya koma huɗu, huɗu ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya, gwaji uku ke nan. Kuma duk gwajin da ya maƙale bai ci miki rahoto ba, tunda bai tafi ba.

Akwai kuma hanyar leƙawa da za ta iya rage miki wahala. Ki kunna su duka, ki buɗe shafin, ki danna F12, ki zaɓi Console, sannan ki danna Submit. Jajayen layuka za su iya fitowa da yawa, kada su dame ki. Wannan kawai za ki nema:

```
net::ERR_BLOCKED_BY_CLIENT
```

In kin gan shi, ma'anarsa wani abu a cikin burauzarki ne ya tare saƙon kafin ya fita, kuma galibi mai toshe talla ne ko mai hana bin diddigi. In kina da irinsu, su za ki fara zargi.

Musbahu: Malam Habibu, ka yi haƙuri in shigo da tawa. Ni Firefox nake amfani da shi, kuma wata biyu da suka wuce wani shafi ya ƙi nuna min hotunan kaya. Na buɗe tagar sirri da Ctrl+Shift+P, can ma bai nuna ba. Sai na yanke cewa shafin ne ya lalace, na yi sati ina jiran su gyara. Ashe mai toshe tallana ne. Ranar da na sa shi an tambaye ni ko ya yi aiki a tagar sirri, na amince, na manta. Saboda haka duk wanda zai yi gwajin nan ya fara duba ko akwai wanda ya ba izini. A Firefox sunan wurin Run in Private Windows, a Chrome kuma Allow in Incognito, a ƙarƙashin Details na kowane ekstenshan.

Malam Habibu: Wannan gaskiya ne Musbahu, kuma shi ne ramin da ya fi kama mutane. Ga wani kusa da shi: duk tagogin sirri da ke buɗe kukis ɗaya suke rabawa. In ka buɗe sabuwa alhali tsohuwa tana nan a ƙasa, ba sabon farawa ka yi ba, sai ka rufe su duka tukuna. Kai mai Firefox ma kana da hanya mafi sauƙi, a Help akwai Troubleshoot Mode, yana kashe ekstenshan duka ya bar maka kukis ɗinka.

Izinin nan kuma ana iya juya shi ya zama gwaji. Wanda ba ya son taɓa tagarsa ta kullum sai ya ba ekstenshan ɗaya da yake zargi izinin shiga tagar sirri, ya gwada a can. In matsalar ta biyo shi, an kama shi.

Rukayya: Alhamdulillah, an gano shi. Na ga layin nan a Console har sau biyu. Na kashe mai toshe talla shi kaɗai na bar sauran bakwai a kunne, rahoto na uku ya tafi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ya fi shekara a kwamfutar nan bai taɓa hana ni ba. Cire shi zan yi?

Malam Habibu: Ba sai kin cire ba. Ki mayar da shi, ki buɗe shafin rahoton, ki danna alamarsa a saman burauza, yawancinsu suna da wurin da za ki ce kada ya yi aiki a wannan shafin kaɗai. Batun ya daɗe bai hana ki ba kuwa, jerin adireshin da yake toshewa yana sabunta kansa ba tare da ya tambaye ki ba. Ko dai an ƙara wani abu a jerin da ya yi kama da adireshin da fom ɗinki ke turawa, ko kuma masu shafin ne suka canza wani abu a satin nan. Ki kwafi jan layin gaba ɗaya da adireshin da ke gabansa ki tura wa masu kula da shafin, don mai yiwuwa ba ke kaɗai abin ya shafa ba.

Sani: To na yarda a nan ba kukis ba ne. Amma nawa kukis ne fa, babu ekstenshan ko ɗaya a kwamfutata lokacin. Shafin ko buɗewa ba ya yi, sai ya rubuta ERR_TOO_MANY_REDIRECTS.

Malam Habibu: Naka kam alamar kukis ce sosai, Sani, shafi yana ta tura ka gaba da baya saboda tsohon kuki da bai yarda da shi ba. Haka ma saƙon Request Header Or Cookie Too Large. Sai dai ko a nan, da ka danna alamar da ke hagun adireshi ka shiga Cookies and site data, da na shafin kaɗai ka goge, sauran wurarenka ba su fitar da kai ba.

Zainab: Ni tawa a juye take. A tagar kullum shafin karatuna yana aiki, a Incognito kuma bidiyon darasi ba ya buɗewa sam, ko da na shiga da sunana.

Malam Habibu: Chrome yana toshe kukis na wasu shafuka na gefe a Incognito tun daga farko, kuma in bidiyon daga wani adireshi daban ake ɗauko shi, hakan zai iya hana shi gane ki. Ki duba kusa da adireshi ko akwai alamar ido, ki ba shafin izini na ɗan lokaci, ki sabunta.

Zainab: Na ba shi izini na sabunta, Malam, har yanzu baƙin allo ne. Bari in rufe tagogin duka in sake gwadawa, zan kuma duba Console ɗin in turo abin da ya rubuta.