Neman shawara: gajeriyar waƙa da za ta sa yara su riƙe "in", "on" da "under"

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Ina koyar da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar, kuma mun zo kan kalmomin Turanci masu nuna wuri: "in", "on", "under", "behind", "in front of", "next to", "between". Kullum muna maimaita su, amma in na ɗora ƙwallo a kan tebur na tambaye su, rabin ajin "in" suke cewa. Don Allah wa ke da 'yar waƙa da za ta zauna musu?

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam Malama. Ki haɗa kowace da Hausarta, ana tafi: "in" ciki, "on" kai, "under" ƙasa, "behind" baya. Kwana biyu kacal za su haddace, sai dai ki gaji da ji.

Hajiya Talatu: Haddacewa kam za su yi, Abban Sadiq, amma a kula da wannan "ƙasa". Yaron da ya riƙe haka, in aka ce masa "under the table" sai ya ajiye ƙwallon a ƙasa nesa da tebur, kuma a ganinsa ya yi daidai. Ƙarƙashi ake nufi, wato akwai abin da ya rufe shi ta sama.

Malama Rabi, 'yata, kalma bakwai ta yi yawa a tashi ɗaya. Fara da uku, kuma kada ki bar kalmar ita kaɗai, kullum ta zo da sunan abu. Ga wadda na daɗe ina amfani da ita a aji:

In the box, in the box,
On the box, on the box,
Under the box, under the box,
Where is the ball?

Ki samo kwali mai murfi da ƙwallo. Layin farko ki jefa ƙwallon ciki, na biyu ki rufe murfin ki ɗora shi sama, na uku ki ɗaga kwalin ki sa shi ƙarƙashi. Su kuma yaran hannunsu ne kwalinsu: su dunƙule na hagu sako-sako, yatsan dama ya shiga cikin dunƙulen, sannan ya hau kai, sannan ya koma ƙarƙashi. Ke ki faɗi rabin layi, su amsa da ɗaya rabin. Kowane rabi bugu biyu ne, ɗaya a kan kalmar wurin, ɗaya a kan "box". "Under" gaɓa biyu ce, don haka a nan bakinsu zai ɗan yi sauri, amma kada bugun ya canza.

Layin ƙarshe shi ne aikin. Da kin ce "Where is the ball?" sai ki ajiye ƙwallon inda kika ga dama, su ba ki amsa. Ba waƙa a nan, tambaya ce ta gaske.

Malama Rabi: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. To me ke sa "in" da "on" suke rikita su haka?

Hajiya Talatu: Kunne ne da farko. Dukkansu gajeru ne, da harafi ɗaya suke ƙarewa, kuma cikin hayaniyar aji wasalin farko yakan ɓace. Ki ja "on" ɗin ki buɗe baki sosai su ga leɓenki, ki bar "in" gajere. Sannan mu da kanmu mukan ce abu yana tebur ko yana aljihu, ba tare da "kan" ko "cikin" ba, kowa ya gane. Turanci ba ya yarda da haka, dole sai an zaɓi ɗaya, kuma yaron bai saba da wannan tilas ɗin ba.

Akwai kuma tarkon da yake ruɗin malamai. Eve Clark, masaniyar yadda yara ke koyon harshe, ta nuna a bincikenta na 1973 cewa ƙananan yara, in an ba su abu mai rami sai su sa ciki, in mai shimfiɗaɗɗen sama ne sai su ɗora a kai, ko da wace kalma aka faɗa musu. Naki sun ɗan girmi waɗanda abin ya fi bayyana a kansu, amma harshen baƙo ne gare su, za ki ga wannan ɗabi'ar. In kika miƙa wa yarinya buɗaɗɗen kwali kika ce "in", ta sa ciki, ba ki gano komai ba. Gwada ta da kofi: ki ce "on the cup", ki gani ko za ta kife kofin ta ɗora, ko kuwa jefawa ciki za ta yi.

Maman Ilham: Ni ma ɗana yana aji huɗu, har yanzu bai san inda ake cewa "on Monday" da "in June" ba. Wannan waƙar za ta yi masa?

Malam Nura: A'a Maman Ilham, naki na lokaci ne, ba abin da za a riƙe a hannu a nuna. Ki buɗe tambayarki daban mu tattauna. Hajiya, ni inda nake shan wuya "behind" ne da "in front of". Ina tsaye ina fuskantar yara, in na sa ƙwallo bayan kwali a wajensu, ni a wajena gaba yake, sai gardama ta tashi.

Hajiya Talatu: Kwali ba shi da gaba ba shi da baya, Malam Nura, shi ya sa. Baiti na biyu da kujera mai jingina ake yinsa, kuma yaron da kansa ne ƙwallon:

Behind the chair,
In front of the chair,
Next to the chair,
Sit down!

Ya zagaya bayan jinginar, ya dawo gaba, ya tsaya gefe, ya zauna. Kai ma ka juya kujerarka ta kalli inda nasu suke kallo. Ka sa kunne a layi na biyu da na uku, domin "of" da "to" su ne suke fara zubewa, sai ka ji "in front the chair". In ka ji haka ka rage sauri, ka buga tafi ɗaya a kan kalmar da ta zube har ta dawo. Kada a shiga wannan baitin sai yawancin aji sun iya amsa tambayar baitin farko ko an birkita jerin, an fara da "under" an koma "in". Wanda ya tsaya yana rera waƙar a hankali daga farko kafin ya amsa, jerin ya riƙe, ma'anar ba ta zauna ba tukuna.

"Between" ki bar ta ƙarshe, Malama Rabi. Tana buƙatar abu biyu, don haka ki tsayar da yara uku, na tsakiya ya ce "between" ya taɓa kafaɗar na dama da na hagu yana kiran sunayensu.

Abban Sadiq: Na karɓi gyaran "ƙasa". Amma Hajiya, ban ga laifin Hausar ba. Yaro ya ji "ƙarƙashi" sau ɗaya ya fi ya yi ta lalube.

Hajiya Talatu: Sau ɗaya a ranar farko, na yarda. Cikin waƙar ne ba na so, don kada ya saba da jiran fassara kafin hannunsa ya motsa.

Malam Nura: Ni dai na ga ajin da aka rera da Hausar kuma suka iya. Wataƙila ya danganta da yawan Turancin da suke ji a waje.

Malama Rabi: Zan fara da baitin kwali gobe in sha Allahu. Hajiya, yarana sun haura talatin, kujerun kuma benci ne marasa jingina. Yaya zan yi da baiti na biyu?