Buhun masara ya faɗi da kashi 25: shin tashin kashi 25 zai mayar da uwar kuɗi?

Mai ajiyar hatsi, Kawo: Assalamu alaikum. Na sari buhu 50 na masara a Saminaka a kan naira 40,000 kowane buhu, na ajiye, yanzu kuma ana taya shi 30,000. Ƙanena da muka haɗa jari da shi ya ce farashin ya faɗi da kashi 25 cikin 100, saboda haka da zarar ya tashi da kashi 25 mun mayar da kuɗinmu. Ni zuciyata ba ta kwanta da wannan lissafi ba, ina neman masu sani su raba mana gardama.

Dillali, Kasuwar Bacci: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni a ganina ƙanenka yana da gaskiya, domin hanyar da mutum ya bi ya gangara ita zai bi ya hauro, kuma tsawonta ba ya canzawa. Naira 10,000 ce ta zube daga kowane buhu, kuma ita ɗin ce ake jira ta dawo. Shekaruna sun kai ashirin ina dillanci, ban taɓa ganin an yi asarar dubu goma an ce sai an samu fiye da dubu goma kafin a ce an fita ba.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Yallaɓai dillali, rabin maganarka daidai ne, kuma rabin da ya yi daidai yana da ƙarfi: idan da naira ake magana, 10,000 ce ta tafi, 10,000 ce kuma za ta dawo. Matsalar tana tasowa ne lokacin da aka juya nairar zuwa kashi cikin ɗari, domin kowane kashi ana ɗebo shi ne daga wani adadi, kuma adadin da ake ɗebo shi a wajen faɗuwa ba shi ne na wajen tashi ba.

A wajen faɗuwa, daga 40,000 aka taso. Sai a cire sabon farashi daga tsohon, a samu 10,000, a raba ta da tsohon farashin, a ninka da 100.

10,000 ÷ 40,000 × 100 = 25

Har nan ƙanen Alhaji bai yi kuskure ba. Amma yau babu wanda yake da buhun 40,000 a kasuwa, buhun 30,000 ake da shi, kuma duk ƙarin da zai zo a kansa za a auna shi. Kashi 25 na 30,000 naira 7,500 ne kawai, wato buhun zai tsaya a 37,500, da sauran 2,500 kafin ya kai kuɗin sari. A buhu 50, Alhaji ya zuba naira miliyan 2, kuma idan ya sayar a ranar da aka ce farashi ya tashi da kashi 25 zai tashi da 1,875,000, wato giɓin naira 125,000. Tashin da yake bukata shi ne a raba dubu goman nan da farashin yau:

10,000 ÷ 30,000 × 100 = 33.3

Saboda haka sai masara ta tashi da kashi 33 da ɗigo 3 kafin a ce farashi ya koma gidansa.

Dillali, Kasuwar Bacci: Malam, na ga alkaluman, kuma ban musa 37,500 ba, domin na buga a waya ta ba ni haka. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne, me zai hana mu ci gaba da aunawa da 40,000 ɗin, tunda ita ce uwar kuɗin Alhaji? Idan muka yi haka, ai tashin kashi 25 ne.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Babu abin da zai hana ku, matuƙar kun faɗa a fili cewa kashi 25 na kuɗin sari kuke nufi, kuma a wannan ma'ana maganarka ta tsaya. Sai dai ba haka ake fahimtar maganar ba idan ta fito daga bakin wani. Ranar da ka ji a rediyo an ce masara ta tashi da kashi 25 a wannan wata, mai maganar bai san nawa Alhaji ya saya a Saminaka ba, da farashin watan jiya ya auna. Idan ƙanen Alhaji ya ji wannan labari ya ɗauka sun fita, ya ba da umarni a loda mota, to a nan 125,000 ɗin za ta salwanta ba tare da kowa ya yi masa ƙarya ba.

Dattijo, Unguwar Shanu: Yarana, ku bari in sa baki da abin da muka koya a karatun rabon gado, domin ina ganin ya fi sauƙin riƙewa. Ku ɗauki buhun a matsayin kashi huɗu, kowanne 10,000. Ɗaya ya tafi, wato rubu'i ya faɗi, uku suka rage. Yanzu guda ɗayan da ake nema a mayar, ɗaya ne a kan ukun da ke hannu, wato sulusi. Duk wanda ya yi asarar rubu'i, sulusin abin da ya rage masa zai nema. Wanda ya yi asarar sulusi, biyu suka rage masa, rabi zai nema. Wanda kuwa ya yi asarar rabi, sai abin hannunsa ya ninka kansa gaba ɗaya. Ban yi boko mai zurfi ba, amma Malam ya duba ya gani ko na kauce.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Baba, ba ka kauce ba ko kaɗan, kuma da izininka zan kai wannan bayani aji. Ga wanda kashinsa bai zo daidai da rabi ko sulusi ba, ƙa'idar ita ce a raba kashin faɗuwar da abin da ya rage daga ɗari, sannan a ninka da ɗari. Idan d shi ne kashin faɗuwa:

d ÷ (100 − d) × 100

Idan faɗuwar ƙarama ce, bambancin ba ya da yawa: kashi 10 yana bukatar 11.1, shi ya sa mutane da dama suke yin kuskuren shekara da shekaru ba su lura ba. Amma faɗuwar kashi 50 tana bukatar tashin kashi 100, ta kashi 75 tana bukatar 300, domin abin da ya rage a hannu yana ƙanƙancewa a daidai lokacin da ramin da za a cike yake ƙara faɗi.

Hajiya mai atamfa, Kasuwar Sheikh Gumi: Malam, ni tawa matsalar akasin wannan ce, kuma ina jin ni riba na ci. Kafin Sallah na ƙara kashi 20 a kan turmin da nake sayarwa 25,000, bayan Sallah kuma na ce wa yarinyar shagona ta rage kashi 20 mu koma yadda muke. Tunda ni tashi na fara yi kafin saukowa, ai lissafin ya juya ya zama a gefena, ko ba haka ba?

Ɗalibar akanta, Unguwar Rimi: Hajiya, ki yi haƙuri, bai juya ba. Da kika ƙara kashi 20 a kan 25,000, turmin ya koma 30,000. Da aka rage kashi 20, daga 30,000 aka rage, wato 6,000, sai ya sauka a 24,000. Kin dawo ƙasa da inda kika taso da naira 1,000 a kowane turmi. Ko tashi aka fara ko faɗuwa, sakamakon ɗaya ne, domin a kowane hali ragin yana cin adadin da ya fi girma, ƙarin kuma yana hawa kan wanda ya fi ƙanƙanta. Ko a masarar Alhaji, da ta fara tashi da kashi 25 zuwa 50,000 sannan ta faɗi da kashi 25, a 37,500 ɗin nan dai za ta tsaya.

Hajiya mai atamfa, Kasuwar Sheikh Gumi: Ikon Allah. To lallai zan duba littafin shago a daren nan, domin na ga 24,000 a rubuce na ɗauka yarinyar ce ta yi wa wata ragi ba da sanina ba, har na yi mata faɗa. Idan haka ne, ni ce zan ba ta haƙuri.

Ɗalibar akanta, Unguwar Rimi: Akwai kuma inda wannan kuskure yake yawan fitowa, wato maganar canji. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta zauna wajen naira 750 a kasuwar hukuma, sannan ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Daga 750 zuwa 1,500 dala ta tashi da kashi 100, sai wasu suka riƙa cewa naira ta faɗi da kashi 100. Da haka ne, da naira ba ta sayen komai ke nan. Abin da ya faru shi ne naira 1,500 da ke sayen dala biyu ta koma sayen ɗaya, wato ta yi asarar rabin darajarta, kashi 50. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane kuskure: farashi yana iya tashi da kashi 200 ko 300, amma ba zai taɓa faɗuwa da fiye da kashi 100 ba, kuma duk wanda lissafinsa ya ba shi haka, to da sabon farashi ya raba maimakon tsohon.

Mai ajiyar hatsi, Kawo: Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na tura wa ƙanena, ya amince da 33.3. Amma yanzu wata ta taso: na lissafa kuɗin mota daga Saminaka, da na 'yan dako, da maganin ƙwari, da hayar sito, ya kama kimanin naira 2,000 a kan kowane buhu. Shi yana cewa wannan ba ya cikin tambayar.

Malamin lissafi, Tudun Wada: Alhaji, idan abin da kuke jira shi ne farashin kasuwa ya koma inda yake, to 33.3 ce amsa. Idan kuwa kuɗin da ya fita daga aljihunku kuke son ya dawo, to kowane buhu ya tsaya muku a 42,000, tazarar ta zama 12,000, kuma 12,000 a kan 30,000 kashi 40 ne cif. Ni da kashi 40 zan yi aiki, kuma zan sake lissafin duk wata, domin hayar sito tana ƙaruwa ko farashi ya motsa ko bai motsa ba.

Dillali, Kasuwar Bacci: Na karɓi 33.3, Malam, amma kashi 40 ɗin nan ban karɓa ba tukuna. A wurinmu kuɗin dako da na sito daga riba ake cire su bayan an sayar, ba a ɗora su a kan uwar kuɗi, kuma idan 'yan'uwa biyu suka haɗa jari, yadda suka yi magana tun farko shi ne abin bi. Alhaji, ka tambayi ƙanenka abin da kuka yanke a ranar da kuka haɗa kuɗin.

Mai ajiyar hatsi, Kawo: Gaskiya ba mu yanke komai a kan wannan ba, domin a lokacin babu wanda ya kawo faɗuwa a ransa. Zan zauna da shi bayan sallar isha'i, in Allah ya yarda, da takardar kuɗin sito a hannuna.