Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma sun ce bashin ba nasu ba ne

Mai Kwangila: Jama'a, ina neman wanda ya taɓa shiga irin wannan. Bara na kai wa wani kamfani kaya, wata huɗu ba a biya ni ba, sai kuma suka rufe. Da na je babban ofishin masu wannan sunan, lauyansu ya ɗora yatsa a kan takardar kwangilata ya ce in karanta da kyau. Ashe akwai kalma ɗaya da aka ƙara a sunan, lambar rajistar ma daban ce. Ya ce wancan ɗansu ne, wato kamfani ne daban da ke ƙarƙashinsu, ba reshensu ba, bashinsa nasa ne. Yanzu ga wani aikin ya taso da wani kamfanin, ba na son a maimaita. Ta yaya ake gane ko kamfani reshe ne, ko ɗan wani ne, ko mai zaman kansa, tun kafin a sa hannu?

Ɗan Kasuwa: Ai abu ne mai sauƙi, Alhaji. Ka nemi lambar rajistarsu. In suna da tasu, masu zaman kansu ne, in babu, reshe ne.

Tsohuwar Akanta: Ƙanena, rabin maganar ka faɗa. Gaskiya ne reshe ba wani kamfani ba ne daban, uwar ce da kanta ta buɗe ƙofa a wani wuri, shi ya sa bashin reshe bashinta ne. Amma kamfanin da ke ƙarƙashin wani ma yana da lambarsa da daraktocinsa, kamar dai mai zaman kansa. Lamba ba za ta raba maka su biyun ba. Kuma ta taɓa ruɗa ni a wajen aiki: a rajistar Companies House, hukumar rajistar kamfanoni ta Birtaniya, na ga wani ofishi da lamba, na ɗauka kamfani ne cikakke. Ashe lambar da BR ta fara, wato reshen kamfanin wata ƙasa ne aka yi wa rajista.

Abin da nake yi shi ne in ɗauki cikakken sunan da lambar da ke kan takardar neman biya, ba na kan allo ko tambari ba, in nemi bayanin masu hannun jari a hukumar rajista. Idan wani kamfani ne ke riƙe da fiye da kashi 50 na hannun jarin da ake jefa ƙuri'a da su, to ga uwar nan. Sannan kada ka tsaya a hawa ɗaya. YouTube na ƙarƙashin Google tun 2006, Google kuma ya koma ƙarƙashin Alphabet a 2015.

Malam Direba: Ni ma haka aka yi min. Na yi wa wani wuri mai tambarin babban kamfani aiki, da na kai ƙara hedikwata suka ce ba su san da zamana ba. Mai wurin izinin amfani da sunan kawai ya saya.

Tsohuwar Akanta: Malam, naka daban ne. Wancan mai zaman kansa ne, wataƙila masu tambarin ba su da ko hannun jari ɗaya a ciki. Haya ce ta suna.

Mai Kwangila: Hajiya, na bi shawararki. Sabon kamfanin, wani babba ne ke da kashi 40, sauran 60 a hannun mutum uku, kowa 20. Ke nan mai zaman kansa ne?

Tsohuwar Akanta: Kada ka yi saurin yanke hukunci. Mai kashi 40 zai iya zama shi ke juya komai idan yarjejeniyar masu hannun jari ta ba shi ikon naɗa mafi yawan daraktoci, kuma wannan takarda ba kasafai ake samunta a rajista ba. Duba daraktocin: in uku cikin biyar ma'aikatan babban ne, ka san inda igiyar take. In babban na buga rahoton kuɗinsa na shekara, leƙa can ƙarshe, inda ake jera kamfanonin da ke ƙarƙashinsa. In kuma sabon kamfanin na da lambar LEI, wato lambar shaidar kamfani ta duniya, shafin GLEIF, cibiyar da ke kula da waɗannan lambobi, kan nuna uwar kamfani, idan sun bayyana ta.

Ɗan Kasuwa: To amma Yaya, ko ya gano ɗansu ne, ai kuɗinsa ba su tsira ba. Na farkon ma ɗansu ne.

Tsohuwar Akanta: Nan kam ka yi daidai. Sai uwar ta sa hannu a rubuce cewa ta tsaya masa in ya kasa biya. Na taɓa ganin wasiƙar da ta ce kawai "muna sane da kwangilar, muna kuma goyon baya", lauya ya ce wannan ba alkawarin biya ba ne.

Mai Kwangila: Daraktoci huɗu ne, biyu na babban ne, biyu ba nasu ba. Na nemi takardar tsayawar, manajan ya ce zai tambaya, yau kwana shida shiru.